Silin yana yoyo a gidan haya: tambayoyi da amsoshi kan saƙon da ake tura wa mai gida tare da hotuna

Daga Garwa zuwa Marwa har Injamena, watan Agusta ne ke tona asirin rufi. Ɗan haya ya wayi gari ruwa ya jiƙa masa katifa, ya ɗauki hoto biyu a cikin duhu, ya tura wa mai gida da "Alhaji ɗaki na zuba", ya zauna jiran kafinta. Sau da yawa kafintan ba ya zuwa, kuma ba kullum ne laifin mai gida ba. Ga tambayoyin da 'yan haya suka fi yi kan wannan saƙo.

Ba kira ya fi sauri ba? Me zai sa in tsaya rubutu?

Kira ya fi sauri, kuma ga dattijo ya fi ladabi. Ka kira, ku gaisa, ka ce masa ga abin da ya faru, yanzu za ka turo hotuna da bayani. Amma kada ka tsaya a kiran. Maganar waya ba ta barin shaida, kuma ranar da za ka bar gidan, aka zo duba ɗaki aka ga silin ya ruɓe, tambayar farko ita ce: yaushe ka faɗa? Idan babu rubutu mai kwanan wata, ana iya cewa kai ka yi shiru har ɓarnar ta girma, a cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarka.

Akwai dalili na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Mai gida ba shi zai hau kwano ba. Saƙonka zai tura wa kafintansa ko wakilinsa, shi kuma daga abin da ya gani a waya zai yanke ko ya zo da ƙusoshi da kwalta kawai, ko sai an sayi sabon kwano. Don haka kana rubuta wa mutum biyu ne, mai gida da mai gyara.

Kafin in ɗauki hoto, me zan fara yi?

Wuta. Idan ruwan yana kusa da ƙwan lantarki, ko fankar sama, ko yana bin bango zuwa soket, je ka kashe babban makunnin da ke wajen mita da busasshen hannu, kana sanye da takalmin roba. Kada ka ce ai an ɗauke wuta: ana iya dawo da ita kana tsaye cikin ruwa. Sannan ka janye katifa da kayan wuta, ka tara bokiti, ka fitar da yara daga ƙarƙashin wurin.

Idan silin ya yi ciki ya lotso ƙasa, ruwa ne kwance a kansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jiƙaƙƙen falanki ba ya riƙe ƙusa. Wasu sukan huda tsakiyar cikin da ƙusa don ruwan ya tsiyaye a bokiti, dabara ce mai kyau idan an kashe wuta, amma ka ɗauki hoto kafin ka huda, kuma ka faɗa a saƙon cewa kai ka huda da dalilinka.

Waɗanne hotuna ne ke da amfani?

Hoton da aka matsa kusa da tabo shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai. Ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa a kan farin falanki zai iya zama a kowane ɗaki a duniya. Fara daga nesa: tsaya a bakin ƙofa, ka ɗauki ɗakin gaba ɗaya yadda za a ga taga da kusurwa da tabon a hoto guda. Wannan shi ke nuna inda matsalar take. Sai ka matso ka ɗauki tabon, ka ɗora wani abu da aka san girmansa a kusa, kamar awon tela ko rula ko tsinken tsintsiya da ka auna. Na uku, ƙasa: bokitin da ruwan da ya tara, da abin da ya jiƙe. Na huɗu, idan zai yiwu ba tare da hawa ba, rufin daga tsakar gida, ta ɓangaren da ke saman ɗakin.

Da rana za ka ɗauka, taga a buɗe. Hasken filashi yakan wanke tabon ya ɓace, gara ka riƙe tocila a gefe ta haska silin a karkace, nan da nan kumburi da lotsawa za su fito. Idan ruwan yana ɗiga a lokacin, bidiyo na daƙiƙa 15 zuwa 20 ya fi hoto goma, don ana ganin saurin ɗigon, ana kuma jin ƙarar ruwan sama a kwano.

Dabarar da na fi so ita ce ta fensir. Zagaye gefen tabon da fensir, ka rubuta kwanan wata a jiki. Bayan ruwa na gaba, idan tabon ya tsallake layin, ka sake zagayewa ka ɗauki hoto. Layi biyu da kwana biyu a hoto ɗaya sun isa su nuna ɓarnar tana ƙaruwa, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Kada ka hau kwano don neman hoto. Jiƙaƙƙen kwano yana da santsi, tsohon katako yana iya karyewa, kuma ko ka sauko lafiya, ka ba da ƙofar a ce takunka ne ya lotsa rufin.

Tun da ga hotuna, me kuma zan rubuta?

Abin da hoto ba ya iya faɗa: lokaci, yawa, da yanayi. Yaushe ka fara gani? Ruwan yana fara ɗiga da zarar an soma ruwan sama ne, ko sai an jima? Yana tsayawa idan an ɗauke? Bokitin lita 10 cikin minti nawa ya cika? Waɗannan su ne kafinta yake nema, domin kowace amsa tana nuna wata cuta dabam.

Ɗigon da ke farawa tare da ruwan sama ya tsaya jim kaɗan bayan an ɗauke, yawanci huda ce a kwano: ramin ƙusa da ya buɗe, ko robar kan ƙusa da rana ta cinye, ko tsatsa. Zafin Maris da Afrilu yana sa kwano ya miƙe da rana ya tsuke da dare, a hankali ƙusoshi su saki, shi ya sa ruwan farko na damina yake samun hanya. Ɗigon da ba ya zuwa sai an yi ruwa da iska mai ƙarfi, musamman hadarin da ke tasowa daga gabas, ya fi nuna mahaɗar kwano biyu da ba a ɗora su sosai a kan juna ba, ko inda kwano ya haɗu da bango, ko shafin da iska ta ɗaga. A gidan da aka yi wa rufin siminti, ɗigon yakan makara, sai bayan awanni ya fara, ya kuma ci gaba har washegari ko jibi. Wannan alama ce ta ruwa ya kwanta a sama, galibi saboda indararo ya toshe da ganye da ƙasa, yana tsatsafowa ta tsaga.

Idan kuwa silin yana jiƙewa ba a yi ruwan sama ba, ba rufi ba ne. Bututu ne, ko tankin sama, ko banɗakin maƙwabcin da ke bene. Gwajin yana da sauƙi in akwai mitar ruwa: a rufe duk famfunan gidan, a rubuta lambar da ke mita, a dawo bayan awa ɗaya. In ta motsa, bututu na zuba a wani wuri. Wannan jumla ɗaya a saƙonka za ta sa a turo mai gyaran famfo maimakon kafinta.

In faɗa masa inda nake ganin hudar take?

Faɗi abin da ka gani, ka bar abin da kake zato. Ruwa ba ya faɗowa a miƙe daga huda. Yakan bi cikin kwano ko jikin katako ya gangara, sai ya sami mahaɗa ko kan ƙusa sannan ya ɗiga. Saboda haka hudar tana yawan kasancewa sama da tabon, wajen tudun rufi, wani lokaci da mita ɗaya ko biyu. Idan ka rubuta "kwano ya huje a saman gadona", yaron kafinta zai hau ya shafa kwalta daidai saman gadon, ya karɓi kuɗinsa, ruwa na gaba kuma ɗakin ya sake zuba. Mai gida zai ce ai an gyara inda ka nuna.

Rubuta wurin tabon da awo daga abin da ba ya motsi: "kimanin taku biyu daga bangon gabas, taku ɗaya daga taga". Wanda ke kan rufi zai iya auna hakan daga waje, ya bi sama da shi.

Za a iya nuna mini misalin cikakken saƙo?

A ɗauka ɗan haya ne a unguwar Yelwa a Garwa, yana riƙe da ɗaki da falo a gidan wani dattijo da ke zaune a Ngaundere. Ya riga ya kira sun gaisa. Ga abin da zai tura:

"Assalamu alaikum Baba Alhaji, barka da warhaka, da fatan kuna lafiya da iyali. Ɗanku ne mai ɗaki na uku daga ƙofa a gidanku na Yelwa.

Ina sanar da ku silin uwar ɗaki yana yoyo. Na fara ganin tabo ranar 9 ga Agusta, lokacin bai fi tafin hannu ba. Daren jiya, 14 ga wata, da aka yi ruwa da iska, ya fara ɗiga kamar minti goma bayan an soma ruwan, ya cika bokitin lita 10 cikin kusan minti arba'in, ya tsaya jim kaɗan bayan an ɗauke. Ranar da aka yi yayyafi ba iska bai ɗiga ba.

Hoto na 1, ɗakin ne daga bakin ƙofa, tabon yana kusurwar gabas, taku biyu daga bango. Hoto na 2, tabon ne kusa, faɗinsa yanzu santimita 60, layin fensir na ciki shi ne girmansa na ranar 9. Hoto na 3, falankin ya lotso kuma ruwan ya kusa kai wa ƙwan lantarki, don haka na kashe wutar ɗakin. Hoto na 4, katifa da ta jiƙe. Hoto na 5, rufin daga tsakar gida.

Ban hau sama ba, ban taɓa komai ba. Ina roƙon ku turo mai gyara ya duba kafin Juma'a, don ana ruwa kusan kullum kuma ina tsoron falankin ya faɗo. Ina gida kowace rana daga la'asar, da safe kuma iyali suna nan. Idan kun fi so in nemo kafinta ya yi ƙiyasi in turo muku, ku ba ni izini. Allah ya ƙara girma."

A lura da abin da saƙon ya yi. Ya faɗi ko wane ne mai magana da ɗakinsa, domin mai gidaje da yawa ba lalle ya ajiye lambar kowa ba. Ya ba kowane hoto lamba da bayani. Maganar "yayyafi ba iska bai ɗiga ba" ta riga ta karkata kafinta zuwa mahaɗar kwano ta gabas. Ya sa rana, ya faɗi dalilin ranar, ba tare da ya zama kamar umarni ba. Babu kuma maganar kuɗin haya ko tsohon ƙorafin famfo a ciki. Saƙo ɗaya, matsala ɗaya.

Mai gidanmu ba ya karanta boko. Yaya zan yi?

Yi masa saƙon murya da harshen da kuka saba, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi, kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Sannan ka tura rubutun duk da haka, ɗansa ko wakilinsa zai karanta. Idan yarjejeniyar hayarku da Faransanci aka rubuta ta, yana da kyau a ƙara gajeren rubutu da Faransanci mai ɗauke da kwanan wata da wurin yoyon.

Hotunan suna isa a dushe. Akwai magani?

WhatsApp yana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma yana goge bayanan lokacin da ke cikinsa. Ga tabo mai faɗi wannan ba matsala ba ce. Ga siririyar tsaga a siminti kuwa, danna HD kafin ka tura, ko ka tura shi ta Document, zai isa yadda aka ɗauke shi. Kada ka goge na asali daga wayarka. Ka kuma duba ko saƙonni masu ɓacewa da kansu suna kunne a hirarku, in suna kunne shaidarka za ta tafi tare da su. Ɗauki hoton allon hirar ka ajiye.

Abu ɗaya na kunya: kafin ka ɗauki uwar ɗaki, kawar da abin da ba ka son baƙo ya gani, kuma kada iyali su fito a ciki. Hoton zai yi yawo a wayoyin mutanen da ba ka sani ba.

A doka, gyaran rufi na wane ne?

Na mai gida ne. Kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a yankunan Kamaru masu Faransanci, wanda Cadi ma ta gada daga Faransa, ya ɗora wa mai ba da haya kula da gida yadda zai yi amfanin da aka karɓe shi dominsa, a sashe na 1719. Sashe na 1720 ya ce duk gyaran da ya zama dole a lokacin haya nasa ne, ban da ƙananan gyare-gyaren da ke kan ɗan haya, irin su gilashin taga da makulli. Sashe na 1755 ya ƙara da cewa ko waɗannan ƙananan ba sa hawa kan ɗan haya idan tsufa ne kawai ya jawo su, ko abin da ya fi ƙarfin mutum.

Idan shago ne ko wurin sana'a, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda ake kira OHADA, ce ke aiki a ƙasashen biyu, kuma ta ambaci rufi da sunansa cikin manyan gyare-gyaren da ke kan mai gida.

Iyakar wannan ita ce laifin ɗan haya. Wanda ya huda kwano ya kafa farantin tauraron ɗan'adam ko faifan sola, ko ya jibga kaya a kan rufin siminti har indararo ya toshe, shi zai ɗauki ɓarnar. In akwai irin wannan a saman ɗakinka, faɗa tun a saƙon farko, da wanda ya kafa shi da lokacin. Kafinta zai gani ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Ya ce in gyara in cire daga kuɗin haya. In yi?

Haka aka fi yi a unguwanninmu, kuma yana tafiya lafiya idan an rubuta. Inda rigima take fitowa shi ne "gyara kawai, za mu yi lissafi" da aka faɗa a waya. Kai ka kashe kuɗi, ƙarshen wata shi kuma ya ce bai san zai kai haka ba.

Bi shi daki-daki. Kafinta ya duba ya rubuta ƙiyasi, kaya dabam, kuɗin aiki dabam. Ka ɗauki hoton takardar ka tura, ka rubuta misali: "Baba Alhaji, ga ƙiyasi, jimla sefa 32,000. Idan kun amince zan biya, in cire 16,000 daga hayar Satumba, 16,000 daga ta Oktoba." Jira ya amsa da "na amince", a rubuce ko da murya, kafin a buga ƙusa ɗaya. Karɓi rasit a shagon da aka sayi kaya, ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. In kafinta ya buɗe ya tarar gara ta cinye katako, kuɗi zai ƙaru, a dakata a sake turo hoto da sabon lissafi.

A ƙiyasin, ka tabbata an fara da rufi. Canza falankin silin alhali ba a toshe sama ba asarar kuɗi ce, haka ma shafa fenti a kan tabo. A gyara kwano, a jira ruwa mai ƙarfi ɗaya ko biyu su gwada aikin, katako ya bushe, sannan a rufe da sabon falanki. Wanda aka rufe a jiƙe fumfuna yake yi, ɗakin ya riƙa warin danshi har bayan damina.

Ya ga saƙon, ya yi shiru. In daina biyan haya?

A'a. Wannan ne kuskuren da ke mayar da mai gaskiya mai laifi. A Kamaru, kundin dokar laifuffuka na 2016, sashe na 322-1, ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga ɗan hayar da ke da yarjejeniya mai rajista, ake bin sa hayar wata biyu, aka ba shi takardar gargaɗi, wata ɗaya ya wuce bai biya ba kuma bai tashi ba. Ko yarjejeniyarku ta baka ce, riƙe haya da kanka yana ba mai gida hujjar neman ka tashi, a manta da maganar silin gaba ɗaya.

Ci gaba da biya ta hanyar da ke barin shaida, rasit ko tura kuɗi ta waya. Bayan kwana biyu ko uku, ko bayan ruwa na gaba, tura saƙo na biyu a ƙarƙashin na farko, da sabon hoton layin fensir: "Baba Alhaji, ina tuni kan saƙona na 15 ga wata. An sake ruwa daren jiya, tabon ya kai santimita 90, kusurwar falankin ta saki." Babu zagi, babu barazana. Idan har yanzu shiru, a shigo da mutum: wakilin gidan, dillalin da ya haɗa ku, limamin unguwa, ko jauro, ko bulama ga mutanen Injamena. Dattijo da yawa da ke share saƙon waya ba ya iya share tsaransa da ya zo har zaure.

In duk wannan bai yi ba, sai takarda mai sa hannu da kwanan wata, a kai masa ya sa hannu a kwafinka. Daga nan akwai ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, wanda zai zo ya duba ɗakin ya rubuta abin da ya gani, ya kuma kai wa mai gida gargaɗi a hukumance. Ana biyan sa, don haka tambayi kuɗinsa tukuna ka auna da girman ɓarnar. Kotu ce ke iya ba ka izinin yin gyara a kan kuɗin mai gida idan ya ƙi.

Katifata da talabijin da suka lalace fa?

Sa su a saƙon farko da hoto, a matsayin bayani, ba a matsayin bashi ba. Maganar diyya a bar ta sai an toshe ruwan, don haɗa su yakan sa mai gida ya tsaya jayayya kan katifa alhali silin na ci gaba da ruɓewa. Ƙarfin maganarka ya dogara da kwanan wata: abin da ya lalace bayan ka sanar an yi shiru ya fi sauƙin nema a kan wanda ya jiƙe a daren farko. Abin da ka bari a ƙarƙashin ɗigo bayan ka san wurin yana zuba kuwa, da wuya wani ya saurare ka a kansa.

An zo an gyara. Sai in sake rubutu?

E, gajere. Bayan ruwa mai ƙarfi na farko, duba layin fensir. In tabon bai tsallake ba kuma wurin yana bushewa, rubuta: "Baba Alhaji, an gyara ranar 19, an yi ruwa sosai jiya bai ɗiga ba, na gode, Allah ya saka. Saura falankin da ya ruɓe da duba wayar lantarki kafin in mayar da wutar ɗakin." In kuwa ya ɗiga, faɗi ko a wuri ɗaya ne ko ya koma gefe, da awon daga bango, ka haɗa da hoto daga bakin ƙofa irin na farko don mai gyara ya kwatanta su.